Yadda ake karanta hoton ƙirji daki-daki, daga ƙashi har zuwa zuciya

Wannan bayani na yi shi ne domin sabon likita ko jami'in lafiya da aka tura asibitin da ke nesa da Birnin Kebbi ko Gusau, inda akwai injin ɗaukar hoto amma babu likitan hoto da zai rubuta sakamako. Majiyyaci zai dawo da fim a cikin ambulan ya miƙa maka, kai ne kuma za ka ce wani abu. Idon sabon shiga yakan tafi kai tsaye wurin farin da ya fi girma, ya kafe a nan, ya bar sauran hoton. Maganin wannan shi ne ka riƙe tsari guda, ka bi shi a kan kowane fim, ko da abin da ke damun mutum ya fito ƙuru-ƙuru tun daga bakin ƙofa.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne haske fari mai daidaito a bayan fim. Akwatin duba hoto ya fi komai, kuma a rage hasken ɗakin in da hali. Idan babu wuta, buɗe farin shafi a kwamfuta, ka ƙure haskenta, ka ɗora fim a kai. Idan wannan ma babu, taga ta wadatar, amma ka fuskanci sarari, kada ƙarfen taga ko reshen bishiya ya shigo ta baya. Fitilar waya ba ta yi, domin tana haska wuri guda ta dushe sauran.

Sai rula mai santimita, ko gefen farar takarda da biro. Sai katin majiyyaci, domin hoto ba tare da labarin mai shi ba rabin aiki ne. Sai tsohon hoto in yana da shi. Ka riƙa tambaya, mutane da yawa suna ajiye fim shekara da shekaru a ƙarƙashin katifa, kuma tabon da yake nan tun shekara 3 da suka wuce bai canza ba, hukuncinsa daban da wanda ya fito wannan watan.

Ilimin da kake buƙata kafin ka fara kaɗan ne. Iska baƙa take fitowa. Kitse toka-toka mai duhu. Tsoka, jini, ruwa da mugunya duk launinsu ɗaya, toka mai haske, hoto ba ya bambanta su. Ƙashi fari ne, ƙarfe kuma fari fat. Kana ganin gefen abu ne kawai idan ya jingina da abin da launinsu ya bambanta. Zuciya tana da gefe a hoto saboda huhu mai iska ya kewaye ta. Riƙe wannan, za mu yi aiki da shi a mataki na 5.

1. Na wane ne, kuma ina dama?

Karanta suna da kwanan wata a jikin fim, ka tambayi majiyyaci da bakinka. A garin da Abubakar da Aisha suka cika layi, musanya ambulan ba abin mamaki ba ne. Sannan nemi alamar R ta dama ko L ta hagu. Ana rataya fim kamar mutumin yana tsaye yana kallonka, damansa a hagunka. Kada ka dogara da zuciya wajen gane hagu, domin akwai waɗanda aka halitta da zuciya a dama, kuma akwai ciwon da ke tura ta can. Idan alamar ta saɓa da inda zuciya take, koma ka saurari ƙirjin mutumin kafin ka ce mai hoto ya yi kuskure.

2. Hoton nan mai gaskiya ne?

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin yawancin cutar da ake ƙaƙaba wa mutane a hoton ƙirji daga mummunan ɗauka take fitowa. Abu huɗu za ka duba.

Na ɗaya, ta ina aka ɗauka. Hoton da aka saba, wanda ake rubuta wa PA, ana yinsa mutum yana tsaye, ƙirjinsa manne da allon, injin yana bayansa da tazarar kusan santimita 180. Zuciya tana gaba-gaba a ƙirji, don haka tana kusa da fim, girmanta ya fito daidai. Wanda ba ya iya tsayuwa ana ɗaukarsa ta gaba, a zaune ko a kwance, injin kuma yana kusa, shi ne AP. A irin wannan zuciya takan fito da girman da ba nata ba. Idan ba a rubuta ba, dubi allon kafaɗa. A PA an sa mutum ya turo kafaɗunsa gaba, allunan sun fice gefe. Idan ka gan su kwance a kan huhu, mai yiwuwa AP ne.

Na biyu, ko mutumin ya karkace. Nemi bakin ƙashin wuya na ciki, wato ƙasusuwan nan biyu da suka gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. A tsakaninsu za ka ga ƙayar ƙashin baya a jere. Tazarar da ke tsakanin ƙayar da bakin kowane ƙashi ta zama ɗaya. Idan gefe guda ya fi faɗi, ya juya, kuma juyi kaɗan ya isa ya sa maƙogwaro ya zama kamar ya kauce, huhu ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Na uku, ko ya ja numfashi sosai. Ƙirga haƙarƙari. Na baya su ne suka fi fitowa, suna tafiya kusan a miƙe daga ƙashin baya. Na gaba suna gangarowa zuwa tsakiya, su ɓace kafin su isa, domin ƙarshensu guringuntsi ne. A hoto mai kyau za ka ƙirga na gaba 5 zuwa 7, ko na baya 8 zuwa 10, a saman dayafiram, wato tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Idan na gaba 4 kawai ka samu, huhu a matse yake, ƙasansa zai yi fari-fari kamar nimoniya, zuciya kuma ta baje. Dattijuwar da ba ta fahimci "ja numfashi ki riƙe" ba, sau da yawa ita ce ake rubuta wa kumburin zuciya alhali lafiyarta lau. In da hali, a sake ɗauka bayan an gwada mata yadda ake yi.

Na huɗu, ƙarfin hasken injin. Dubi bayan zuciya. Ya kamata ka hango gaɓoɓin ƙashin baya dishi-dishi ta cikinta. Idan zuciya ta yi fari ƙal ba ka ganin komai a bayanta, hasken injin bai isa ba, hoton zai ƙara maka farin da babu. Idan huhu ya yi baƙi ƙirin har jijiyoyi sun ɓace, ya ƙone, ƙananan tabo za su ɓuya.

Ba kowane lokaci za a iya sake hoto ba. Mutum ya taso daga ƙauye, kuɗin mota ma da ƙyar. To ka karanta wanda ke hannunka, amma ka rubuta aibinsa a kati, kada ka yanke hukunci a kan abin da aibin zai iya jawowa.

3. Ƙashi da naman jiki

Na fi son farawa da ƙashi saboda shi ne ake mantawa da zarar an shiga huhu. Ɗora yatsa a kan haƙarƙari na farko na dama, ka bi shi daga ƙashin baya, ya zagayo gefe, ya gangaro gaba. Sai na biyu, har ƙasa, sannan hagu. Wasu sukan kwantar da fim a gicciye yayin wannan aiki, domin ido ya daina ganin huhu ya ga ƙashi. Karaya takan ɓuya a gefe, inda haƙarƙari ya lanƙwasa. Abin da kake nema shi ne inda layin gefen ƙashi ya yanke ko ya yi tudu.

Wanda ya faɗo daga babur, wurin karayar yana da magana. Haƙarƙari na ƙasa a hagu, saifa tana ƙarƙashinsu. Na dama, hanta. Na farko zuwa na uku ba sa karyewa sai da bugu mai tsanani, don haka ka nemi wani rauni a ciki. Kuma duk karayar haƙarƙari, ka sa a ranka za ka nemi iska ko jini a kewayen huhu idan ka iso can. Ka sani kuma hoto yana iya fitowa babu karaya alhali akwai. Idan ka danna wuri guda mutum ya zabura, yarda da yatsanka.

Dubi ƙashin wuya, kan kafaɗa da ƙashin baya. Ƙashin da ya yi kamar an gutsure shi, ko haƙarƙarin da wani yankinsa ya ɓace, yana sa a yi tunanin ciwon daji da ya bazu. Gaɓoɓin baya biyu da suka cinye juna suka durƙushe, a yankinmu tarin fuka ne farkon abin zargi.

Sannan naman jiki. Ga mace, ka tabbata inuwar nono biyu tana nan, domin wadda aka cire wa ɗaya, huhun wannan gefen zai fi duhu. Kan nono yakan fito kamar ƙaramin ƙullutu a ƙasan huhu, galibi a wuri ɗaya dama da hagu. Baƙaƙen zane-zane a cikin tsokar wuya ko ta gefen ƙirji iska ce ta shiga ƙarƙashin fata, taɓa wurin za ka ji yana ƙaras-ƙaras. Akwai kuma abin da ba na jiki ba: jelar kitso da ta sauko kan kafaɗa takan zana inuwa a saman huhu, laya, sarƙa, maɓalli, ko tsabar kuɗi a aljihun gaba. Alamar abin waje ita ce inuwarsa takan zarce iyakar huhu ba ruwanta. Kafin ka tsorata kowa, ɗaga riga ka duba.

4. Hanyar iska

Maƙogwaro baƙin bututu ne da ya sauko daga wuya ta kan ƙashin baya. A tsakiya yake, sai dai yakan ɗan kauce dama kaɗan inda babbar jijiyar jini ta lanƙwasa, wannan ba komai. Bi shi har inda ya rabu biyu, wajen gaɓar baya ta 4 zuwa ta 5. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa ƙasa, shi ya sa abin da yaro ya shaƙa ya fi faɗawa can. Ƙwayar gyaɗa ba ta fitowa a hoto. Abin da za ka gani shi ne huhu ɗaya ya fi kumbura da baƙi saboda iska tana shiga ba ta fita, ko kuma wani sashe ya motse.

Idan maƙogwaro ya kauce kuma ka riga ka tabbatar mutumin bai karkace ba, tambaya ɗaya ce: turo shi aka yi ko janyo shi? Ruwa mai yawa, iska mai matsi da babban ƙari suna tura shi zuwa gefen lafiya. Huhun da ya motse, ko wanda tsohon tarin fuka ya ƙanƙance, yana janyo shi zuwa gefen ciwo. Wannan tambayar ce ke raba gardama idan rabin ƙirji ya yi fari gaba ɗaya. Wanda ya soka allura a farin da maƙogwaro ya karkato wajensa, yana zaton ruwa ne, huhu zai soka.

5. Huhu

Fara da tushen huhu, inda jijiyoyi da bututun iska suke shiga, dama da hagu na tsakiya. Na hagu yakan ɗara na dama tsawo kaɗan ko su yi daidai. Idan na dama ya fi na hagu hawa, wani abu ya ja shi. Tushen da ya yi dunƙule-dunƙule kaluluwa ce ta kumbura, kuma a yaro mai tari da rama wannan na iya zama kaɗai alamar tarin fuka.

Yanzu raba kowane huhu gida uku, sama, tsakiya da ƙasa, ka riƙa gwada dama da hagu: saman nan da saman can, haka har ƙasa. Kada ka gama ɗaya sannan ka koma ɗaya, bambanci ne ke tona ciwo. Fararen zaren da kake gani jijiyoyin jini ne, suna da kauri a tsakiya, suna sirancewa har su kusa ɓacewa dab da bango. Tambayar a kowane gida ita ce: ya fi kima fari, ko ya fi kima baƙi?

Fari iri-iri ne. Na nimoniya kamar gajimare yake, gefensa ba kaifi, kuma in ka matso za ka ga baƙaƙen rassa a cikinsa. Bututun iska ne da suka rage a buɗe alhali naman huhun da ke kewaye ya cika da mugunya. Ganinsu yana tabbatar maka farin a cikin huhu yake. A nan ne maganar gefe da muka yi a farko take aiki. Huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu. Idan gefen zuciya na dama ya ɓace cikin farin, ciwon yana sashen tsakiya na dama, domin shi ne ya jingina da ita. Idan gefen zuciya yana nan sarai amma layin dayafiram ya ɓace, sashen ƙasa ne, wanda yake ta baya, can za ka sa abin sauraro. Idan gefen zuciya na hagu ne ya dushe, ciwon yana harshen sashen sama na hagu, ta gaba.

Farin ruwa daban ne. Sumul yake, babu rassa a ciki, yana taruwa a ƙasa idan mutum yana tsaye, samansa kuma ya lanƙwasa ya hau bango ta gefe. Idan saman ruwan ya miƙe sak kamar an ja da rula, akwai iska tare da shi. A hoton kwance ruwa yakan malale ta baya, sai gefen duka ya yi hazo kawai, jijiyoyi suna bayyana ta ciki.

Tarin fuka a babba ya fi son saman huhu. Za ka ga dabbare-dabbaren fari, wani lokaci da kogo, wato zobe mai kaurin bango da baƙi a tsakiya. Bi bangon da ido ka ga ya zagayo ya haɗe, domin haƙarƙari da jijiya in sun gitta juna sukan yi zoben ƙarya. Akwai kuma mai bazuwa ta jini, wanda ke cika huhu biyu da ɗigo-ɗigo masu girma ɗaya, milimita 1 zuwa 3, kamar an watsa gero. Wannan sai ka matso da fim dab da ido, daga nesa ba ya ganuwa. Amma kafin ka yanke, tambayi sana'a. Wanda ya yi shekaru yana haƙa ko niƙa dutsen zinariya a wajen Anka, Maru ko Bukkuyum, ƙurar dutse takan bar ƙananan ƙulli a huhu biyu, musamman sama, masu kama da wannan. Kuma ƙurar tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, don haka yana iya ɗauke da duka biyun. Hoto ba zai raba maka su ba, sai gwajin majina. Mai cutar da ke karya garkuwar jiki kuwa, yana iya samun tarin fuka hotonsa ya fito kusan lafiya.

Baƙi fiye da kima ya fi wuyar gani, kuma ya fi saurin kisa. Bi bangon ƙirji ta ciki tun daga ƙololuwa har ƙasa, kana neman siririn farin layi, wanda bayansa babu jijiya ko ɗaya, baƙi ne wayam. Wannan gefen huhu ne da ya janye, iska ta shiga tsakaninsa da bango. Gefen allon kafaɗa da naɗin fata suna kwaikwayonsa, amma su za ka ga jijiyoyi sun wuce su, kuma layin yakan fita wajen ƙirji. Gargaɗi: wanda ke haki, jininsa yana sauka, gefe guda ba ya shigar da iska, maƙogwaro ya kauce, ba a tura shi ɗakin hoto. A sace iskar da allura nan take, hoto ya biyo baya.

6. Dayafiram da kusurwoyi

Kowane gefe ya yi baka mai santsi. Na dama ya fi na hagu hawa da kusan santimita 1 zuwa 2 saboda hanta tana ƙasansa. Kusurwar da dayafiram ya haɗu da bango ta zama mai tsini. Idan ta cike, ruwa ne ko tsohon tabo, kuma sai ruwa ya kai wajen mililita 200 kafin ya nuna a hoton gaba. Dayafiram da ya baje, tare da haƙarƙarin gaba fiye da 7, huhu ne da iska ta maƙale a ciki, irin na tsohon mashayin taba ko mai asma.

Sai ka leƙa ƙasa. Baƙin kumfa a ƙarƙashin na hagu iskar tumbi ce. Amma siririn baƙi mai siffar jinjirin wata a ƙarƙashin na dama, tsakaninsa da hanta, hanji ne ko tumbi ya ɓule, sai fa in an yi wa mutum aikin ciki kwanan nan. Yaron da ya yi mako biyu yana zazzaɓi, cikinsa ya ɗaure, taifot ce ta huda hanji har sai an tabbatar ba ita ba, kuma maganarsa ta likitan tiyata ce a daren. In kana neman wannan alama, a zaunar da shi minti 10 kafin a ɗauka, iskar ta samu ta hau.

7. Zuciya

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan a auna. Ja layi a tsakiyar ƙashin baya. Auna daga layin zuwa inda zuciya ta fi nisa a dama, sannan zuwa inda ta fi nisa a hagu, ka haɗa. Sai ka auna faɗin ƙirji inda ya fi faɗi, daga cikin haƙarƙari zuwa cikin haƙarƙari. Zuciya kada ta wuce rabi. Misali santimita 4 da 9 sun ba da 13, ƙirji kuma 29, wannan lafiya. Babu rula? Sa alamar faɗin zuciya a gefen takarda, ka ga ko zai shiga faɗin ƙirji sau biyu. Wannan awo na hoton PA ne da aka ja numfashi sosai. A AP abin da kawai za ka iya cewa shi ne, in ta fito ƙarama to ƙarama ce. A jarirai ana yarda har kusan kashi 60 cikin 100, kuma suna da wani nama a saman zuciya, taimos, mai faɗaɗa tsakiyar ƙirji, ba ciwo ba ne.

Idan ta yi girma, koma huhu ka nemi shaidar gazawa: jijiyoyin sama sun yi kauri sun kai na ƙasa, gajerun layuka a kwance dab da bango a ƙasan huhu, hazo a kewayen tushen huhu biyu, ruwa a kusurwoyi. Mai hawan jini da mai jego su ne za ka fi gani da wannan. Gazawar zuciya bayan haihuwa sananniya ce a ƙasar Hausa, don haka mai jego da ke haki da kumburin ƙafa, kada farin da ke huhunta biyu ya sa ka tsaya a nimoniya. Zuciyar da ta yi girma ta zama dunƙulalliya, gefenta sumul, huhu kuma fes, ka yi zargin ruwa ne ya taru a jakarta. Hoto ba ya bambanta tsoka da ruwa, sai sikanin.

8. Maɓoya

Kafin ka sauke fim, sake leƙa wuri huɗu: ƙololuwar huhu a bayan ƙashin wuya, bayan zuciya, tushen huhu, da ƙasan dayafiram, domin huhu yana gangarawa ta baya fiye da inda bakan ya nuna. A bayan zuciya, farin da ya yi kusurwa uku sashen ƙasa na hagu ne ya motse.

Mu gwada a kan fim guda

Manomin shinkafa ne daga fadamar Argungu, shekarunsa wajen 40. Tari mako 6, zufan dare, rama, yanzu kuma haki in ya yi tafiya. Ya sha maganin kemis kala-kala. Ɗansa ya miƙo fim yana cewa, "Likita, an ce ruwa ne a haƙarƙarin Baba."

Suna ya dace, alamar R tana inda ya kamata. PA ne, bakin ƙashin wuya daidai, haƙarƙarin gaba 6 a dama, ana hango ƙashin baya. Ƙasusuwa lafiya. Maƙogwaro ya ɗan matsa dama, fiye da yadda aka saba. A hagu, fari sumul daga ƙasa har haƙarƙarin gaba na 4, samansa ya hau bango, babu baƙaƙen rassa, dayafiram da gefen zuciya na hagu sun ɓace. Fari a hagu, maƙogwaro ya gudu dama, turi ne ke nan. Ruwa ne, yaron ya yi gaskiya. Zuciya ba ta aunuwa tunda gefenta ɗaya ya nutse, haka za a rubuta, ba a ƙiyasta ba.

Mai gaggawa a nan zai tsaya. Amma gwada sama da sama ya nuna saman dama ya fi na hagu datti, kuma a bayan ƙashin wuya na dama akwai zobe mai faɗin santimita 2, bangonsa ya zagayo ya haɗe, da ɗigo-ɗigo kewaye da shi. Wannan ƙaramin zoben ya canza aikin ranar. Ruwan shi ke sa shi haki, amma kogon shi ke nuna yana iya yaɗa cuta ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Sai a ba shi takunkumi, a fitar da shi daga cunkoson layi, a karɓi majina don gwajin GeneXpert mai gano tarin fuka, a yi gwajin garkuwar jiki da yardarsa, a ɗebi ruwan ƙirjin a duba, a kuma tambayi ko akwai ƙananan yara ko mai tari a gidan.

A kati ka rubuta abin da ka gani kafin abin da kake zato, kamar haka: hoton PA mai kyau; ruwa a hagu har haƙarƙarin gaba na 4, ya ɗan tura maƙogwaro dama; kogo santimita 2 a saman dama; girman zuciya bai aunu ba; ƙashi lafiya; an fi zargin tarin fuka, ana jiran majina.

Idan kana son wani babba a Gusau ko Birnin Kebbi ya duba maka ta waya, kashe filashi, ɗora fim a kan farin haske, tsaya daidai gabansa ba a karkace ba, ka ɗauko shi duka har da alamar R, amma ka rufe sunan majiyyaci da takarda. Ka haɗa da shekarunsa, abin da ya kawo shi da abin da ka ji a ƙirjinsa. Siririn layin iska da ɗigon tarin fuka mai bazuwa sukan ɓace a hoton waya, don haka in su kake zargi, ɗauki wurin daga kusa ka tura daban.